Idan Ciwo Ya Jawo Kora Daga Jami'a: Darussa Kan Takardar Neman a Sake Dubawa

Na daɗe ina riƙe da aikin kula da ɗaliban aji biyu a sashenmu, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, kuma ta hannuna takardun kokensu suke bi kafin su hau sama. Duk ƙarshen shekarar karatu, da zarar Majalisar Jami'a ta amince da sakamako, akan sami waɗanda aka ce su tattara kayansu saboda makinsu bai kai ba. A cikinsu akwai wanda wasa ya kayar, akwai wanda kwas ɗin ne ya fi ƙarfinsa, akwai kuma wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar zango. Wannan na ƙarshen ya fi kowa hujja, amma abin da ya daɗe yana damuna shi ne, sau da yawa takardarsa ce ta fi ta kowa rauni. Yakan cika ta da roƙo da rantsuwa da ambaton talaucin gida, ya bar abin da masu yanke hukunci suke nema. Su kuwa abu uku suke son gani: yaushe ciwon ya kama shi, wace shaida ke tabbatar da haka, kuma me yake so a yi masa wanda doka ta yarda a yi.

Kafin a zo ga takardar, dole ɗalibi ya gane yadda korar take zuwa, domin ba wani malami ne ke zama ya ce ya tsani wane ba. Lissafi ne. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, wato maki 5. B maki 4 ne, C maki 3, D maki 2, E maki 1, sannan duk abin da ya gaza 40 ya zama F, ba shi da maki ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa, abin da ake kira yunit. Akan ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, sannan a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Abin da ya fito a zango ɗaya shi ne GPA, na dukkan zangunan da ya yi tun shigowarsa kuma shi ne CGPA. A tsarinmu, wanda CGPA ɗinsa ya gaza 1.00 a ƙarshen shekara akan sa shi a matakin gargaɗi, idan kuma ya sake gazawa a shekarar da ta biyo sai a sallame shi. Wasu jami'o'in sun ɗaga iyakar zuwa 1.50, don haka kowa ya duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarsa.

Abin da ya fi cutar da mara lafiya a wannan lissafi shi ne, kwas ɗin da ya yi rajista bai zauna jarrabawarsa ba, kuma bai sanar da kowa dalili ba, F ake rubuta masa. Yunit ɗin yana nan a cikin abin da za a raba da shi, makin kuwa babu. Takardar sakamako ba ta bambanta wanda ke kwance a gadon asibiti da wanda ya tafi yawonsa. Aikin takardar neman a sake dubawa ke nan: ta nuna wa majalisa wannan bambancin da lissafi ya kasa nunawa.

Bari in kawo labarin wani ɗalibina, ba tare da sunansa ba. Shekararsa ta farko ba ta yi kyau ba. Ya yi rajistar yunit 36, ya tara maki 34, CGPA ɗinsa ya tsaya a 0.94, aka sa shi a matakin gargaɗi. Ya dawo aji biyu da himma, a zangon farko ya ɗauki yunit 20 ya tara maki 42, wato GPA 2.10. Jimilla ta zama maki 76 a kan yunit 56, CGPA ya hau zuwa 1.36. Ya fita daga haɗari ke nan. A zango na biyu sai ya ɗauki yunit 24, iyakar abin da doka ta yarda, don ya rage kwasa-kwasan da ya faɗi a baya. A nan ne tari ya fara masa, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama. Ya sayi magani a kemis, ya je asibitin makaranta sau ɗaya, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya tafi gida aka yi ta ba shi na gargajiya. Ya lallaɓo ya dawo gab da jarrabawa, ya zauna takardu uku, ya ci ɗaya mai yunit 3 da E, ya faɗi biyu. Daga nan ya fara tarin jini, aka kai shi babban asibiti, gwajin majina ya nuna tarin fuka ne. Sauran takardu shida suka wuce yana kwance.

A duba yadda lissafin ya kasance. Yunit 24, maki 3 kacal. Jimillarsa ta koma maki 79 a kan yunit 80, wato 0.99. Da maki ɗaya tak ya gaza kai iyaka, kuma da yake shekara ta biyu ke nan a jere, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama.

Ya zo ofishina da mahaifinsa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa saboda rama, yana riƙe da takarda shafi uku da wani ya taya shi rubutawa. Na karanta daga farko har ƙarshe. Akwai yabon shugaban jami'a, akwai bayanin cewa shi ne babba a gidansu kuma kowa shi yake kallo, akwai roƙo don Allah don Annabi. Maganar ciwon kuwa layi ɗaya ce: wai ya yi fama da matsananciyar rashin lafiya. Babu sunan ciwo, babu kwanan wata, babu takardar likita. Na ce masa, "Wane ciwo ne ya same ka?" Ya sunkuyar da kai. Mahaifin ya ce, "Malam, ai larura ce dai, Allah Ya sawwaƙe." Na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen da za su karanta wannan takarda ba su san shi ba, ba su ga yadda ya koma ba. Abin da aka rubuta musu kaɗai za su gani." Sai yaron ya zaro katin shan maganinsa daga aljihu, ya lanƙwashe, an yi masa alama a gidan kowace rana. Wannan katin ya fi shafuka ukun nan nauyi.

Darasi na farko ke nan: a kira ciwon da sunansa, a jera kwanakinsa kusa da kwanakin karatu. Na san akwai ciwon da mutane ke jin nauyin faɗa, kamar tarin fuka, da taɓin ƙwaƙwalwa, da farfaɗiya. Wanda ba ya son sunan ciwonsa ya bi ofis-ofis yana iya sa rahoton likita a ambulan rufaffe, ya miƙa wa daraktan lafiya na jami'a, ya rubuta a takardarsa cewa cikakken bayani yana wurin darakta. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɓoye wa kowa da kowa sannan a sa ran a yarda. Kwanakin kuma su ne ƙashin bayan hujjar. Idan jarrabawa ta fara ranar kaza, aka kwantar da ɗalibi a asibiti kwana huɗu bayan haka, aka sallame shi bayan an gama, to duk mai karatu zai ga da idonsa cewa takardun da ya rasa sun faɗo cikin kwanakin jinya. Idan kuwa ciwon ya zo wata biyu bayan jarrabawa, ko ya ƙare tun kafin a fara lakca, ba zai zama hujja ba komai tsananinsa. Shi ya sa muka zauna da jadawalin jarrabawa a hannun dama, takardun asibiti a hannun hagu, muka daidaita kowane kwas da ranarsa.

Darasi na biyu ya shafi shaida. Ba kowace takardar asibiti ce ke aiki ba. Rahoton da ke tsayawa a gaban kwamitin da ke duba koke shi ne wanda aka rubuta a kan takardar asibitin mai ɗauke da sunansa da adireshinsa, da lambar katin mara lafiya, da ranar da aka fara ganinsa, da ranar da aka gano ciwon, da kwanakin kwanciya idan an kwantar da shi, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi. Sannan akwai jimla ɗaya da ɗalibai ke mantawa su roƙi likita ya sa, alhali ita ce ta fi amfani: cewa a tsakanin ranar kaza da ranar kaza, wannan mutum ba ya cikin halin da zai iya halartar lakca ko zama jarrabawa. Malaman da ke kwamiti ba likitoci ba ne. Ba za su iya auna yadda ciwo ke hana karatu ba, sai wanda ya sani ya faɗa musu. Kuma a tsarinmu, rahoton da ya fito daga asibitin waje sai daraktan lafiya na jami'a ya duba ya sa hannu kafin a karɓe shi. Yakan kira ɗalibin ya gan shi, wani lokaci ya tuntuɓi asibitin da kansa.

A nan ne maganar makonnin da yaron ya yi a gida yana shan maganin gargajiya ta taso. Babu takarda ko ɗaya da ta rufe su. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya nemi wanda zai rubuta masa rahoton da zai ja kwanakin asibiti baya. Da ya faɗa mini na ce masa kada ya kuskura. Korar da aka yi masa ta rashin maki ce, tana da ƙofar dawowa. Wanda aka kama da takardar jabu kuwa laifin rashin ɗa'a ya aikata, ana iya korarsa kora ta har abada, kuma rahoton ƙarya ba ya da wuyar ganewa: lambar kati ba ta dace da rajistar asibiti ba, ko likitan da aka sa sunansa ya ce bai san zancen ba. Abin da muka yi shi ne faɗin gaskiya yadda take. Ya rubuta cewa ya tafi gida an yi masa maganin gargajiya, ba shi da takarda kan wannan lokacin. Sai muka nemo katinsa na asibitin makaranta, wanda ya nuna ya je da kukan tari da zazzaɓi tun tsakiyar zango. Likitan da ke duba shi kuma ya rubuta cewa yanayin da ya gan shi a ciki ya nuna ciwon ya ɗauki makonni yana cinsa kafin a gano. Tarin fuka dama haka yake, a hankali yake shiga. Shaida biyu ke nan, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka riƙe giɓin da ke tsakiya ba tare da ƙarya ba.

Darasi na uku shi ne wanda na fi son ɗalibai su riƙe: a roƙi abu takamaimai. "A taimake ni" ba buƙata ba ce da majalisa za ta iya zartarwa. Haka kuma ba wanda zai ƙara wa ɗalibi makin da bai ci ba, ko da maki ɗaya ne ya rage, don haka roƙon a ɗaga masa E zuwa D ɓata takarda ne. Abin da majalisa ke da ikon yi shi ne ta ɗauki zangon jinya a matsayin wanda aka jingine saboda rashin lafiya, ta soke rajistarsa, ta janye sallamar da aka gina a kansa. Idan aka cire wancan zangon daga lissafin yaron nan, sai ya koma kan maki 76 da yunit 56, wato 1.36, sama da iyaka. Mun sa wannan lissafin a cikin takardar a layi biyu. Amfaninsa shi ne yana nuna wa kwamiti cewa idan suka amince, matsalar ta warware gaba ɗaya bisa dokarsu, ba sai sun karya komai ba. Kowane ɗalibi ya yi wannan lissafin kafin ya rubuta kalma ɗaya. Idan ya cire zangon jinya ya ga har yanzu bai kai iyaka ba, to ya san ciwon ba shi kaɗai ne ya kayar da shi ba, kuma abin da ya fi dacewa ya roƙa shi ne a ba shi damar komawa wani kwas da zai iya, inda dokar makaranta ta tanadi haka.

Wannan roƙo yana da farashi, kuma gara a sani tun da wuri. Idan aka soke zango, duka ake sokewa. Kwas ɗin da yaron ya ci da E shi ma ya tafi, domin ba a zaɓar inda aka ci a riƙe, a zubar da inda aka faɗi. Zai jira zango na biyu na shekara mai zuwa ya sake, abokan karatunsa su wuce shi da shekara guda, kuma akwai kuɗin rajista. Ya kamata kuma a tambaya a fili ko lokacin da aka jingine zai shiga cikin iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi, domin kwas na shekara huɗu galibi ba a yarda ya wuce shekara shida. Akwai kuma raunin da ke cikin hujjarsa wanda muka san za a tayar: ya zauna takardu uku. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya sa hannu, ana ɗaukar ya yarda cewa yana da lafiyar rubutawa. Ba mu ɓoye wannan ba. Ya rubuta cewa a lokacin bai san abin da ke damunsa ba, kuma tsoron kora ne ya sa ya zauna, sannan ranar da aka gano ciwon ta zo kwanaki kaɗan bayan takarda ta ukun.

Darasi na huɗu ya shafi abin da ba ciwo ne ya jawo ba. Fayil ɗin ɗalibi yana gaban kwamiti a buɗe, sun ga 0.94 ɗin shekarar farko, kuma wani zai tambaya, "To wancan fa, shi ma ciwo ne?" Takardar da ta yi shiru a kan wannan, ko ta ɗora komai a kan jinya, tana zubar da amincin mai ita. Yaron ya rubuta jimla biyu: cewa a shekarar farko lafiyarsa ƙalau, bai iya tsara karatunsa ba ne, kuma bayan gargaɗi ya gyara har ya sami 2.10. Wannan 2.10 ɗin ita ce hujjarsa mafi ƙarfi bayan rahoton likita, domin ta nuna abin da yake iyawa idan yana da lafiya. Haka nan ba a zargin kowa a irin wannan takarda. Ko da ɗalibi yana ganin wani malami ya ƙi ba shi gwajin da ya rasa, ko wani ofishi ya yi masa sakaci, wannan koke ne daban mai hanyarsa daban. Cusa shi a nan yana mayar da takardar ta zama rigima, sai mutanen da ya kamata su sa mata hannu su fara kare kansu.

Darasi na biyar shi ne amsar tambayar da ke zuciyar kowane ɗan kwamiti: idan muka dawo da shi, me zai hana a maimaita? Alkawarin "zan dage" ba ya amsa wannan. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne, wata biyu na farko da magunguna huɗu, sauran wata huɗu da biyu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Lokacin da yaron ke rubuta takardarsa yana cikin wata na huɗu, gwajin majinar da aka yi masa a ƙarshen wata na biyu ya fito babu ƙwayar cutar, nauyinsa ya fara dawowa. Likita ya rubuta haka, ya ƙara da cewa zai kammala magani kafin lokacin komawa aji. Wannan ya kwantar da hankalin masu tunanin lafiyar sauran ɗalibai a ɗakin kwana da ajin lakca. Shi kuma ya yi alkawarin abin da za a iya dubawa: zai kawo shaidar kammala magani kafin rajista, ba zai ɗauki fiye da yunit 18 ba, zai riƙa zuwa wurina duk wata da sakamakon gwaje-gwajensa na aji. Mai ciwon da ba ya rabuwa da mutum, kamar sikila, ba zai ce ya warke ba. Abin da zai nuna shi ne asibitin da ke kula da shi, da yadda zai sanar da sashe cikin gaggawa duk ranar da ciwon ya tashi.

Da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma ga abin da tasa ta ƙunsa, bayan adireshi da lambar rajista da kanun magana:

"Ina roƙon Majalisa ta sake duba sallamar da aka yi mini, ta ɗauki zango na biyu na shekarar da ta gabata a matsayin wanda aka jingine saboda rashin lafiya. Na fara tari da zazzaɓi a farkon zangon, na je asibitin jami'a a mako na shida. Daga nan na tafi gida aka yi mini maganin gargajiya, ba ni da takarda kan wannan lokaci. Na dawo na zauna takardu uku ban san abin da ke damuna ba. Bayan ta ukun aka kwantar da ni a asibiti, gwaji ya nuna tarin fuka ne, sauran takardu shida suka wuce ina kwance. Ban sanar da sashe a kan lokaci ba, kuma na yarda wannan nauyi ne da ke kaina. Raunin sakamakona na shekarar farko ba ciwo ne ya jawo shi ba, amma bayan gargaɗi na sami GPA 2.10. Idan aka cire zangon jinya, CGPA ɗina 1.36 ne. Likitana ya tabbatar zan kammala magani kafin komawa aji. Na haɗa rahotonsa da daraktan lafiya ya sa wa hannu, da katin shan magani, da katin asibitin jami'a, da jadawalin jarrabawa, da sakamakona na kowane zango."

A ainihin takardar, kowane mataki yana da kwanan watansa, kowane kwas da lambarsa, kuma duka ba ta wuce shafi ɗaya da rabi ba. Buƙatar tana jimlar farko, domin mai karanta takardu da yawa a zama ɗaya ya san abin da ake nema tun kafin ya gaji.

Saura hanyar da takarda ke bi, wadda ita ma takan kashe koke mai kyau. A wurinmu ana rubuta wa shugaban jami'a a matsayinsa na shugaban majalisa, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe. Kowannensu yana rubuta ra'ayinsa a kai kafin ta wuce. Wanda ya tsallake sashensa ya kai kai tsaye sama, ko ya nemi wani babba a gari ya buga waya, abin da yakan faru shi ne a dawo da takardar ƙasa a ce sashe ya yi bayani, an yi asarar makonni ke nan. A yi kwafin komai, a riƙe takardun asibiti na asali a nuna su idan an nema, kuma a tabbata sakataren ofis ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a tafi da shi gida. Akwai wa'adin shigar da koke, yana cikin littafin dokoki ko takardar sallama, kuma wanda ya bari ya wuce ya ƙara wa kansa wani roƙon a kan na farko. Wanda jikinsa bai yi ƙarfin zirga-zirga ba, wani nasa ya kai masa, amma shi zai sa hannu.

An amince da roƙon yaron nan. Ya dawo bayan shekara, ya ɗauki kaya daidai ƙarfinsa, ya kammala digirinsa. Amma ba zan ce duk wanda ya bi waɗannan matakai zai sami irin wannan amsa ba. Na ga takarda mai gaskiya da aka ƙi saboda babu shaida ko ɗaya daga lokacin jinyar, na ga wadda aka ƙi saboda ta zo bayan shekara biyu. Majalisa tana da ikon ta ce a'a, kuma rashin sanarwa a kan lokaci dalili ne da doka ta ba ta. Da a ce tun makon da yaron ya tafi gida wani ya kawo wa sashe takarda mai layi huɗu cewa ba shi da lafiya yana neman a jingine masa zango, da ba a rubuta masa F ko ɗaya ba, da ba a yi maganar kora ba balle roƙo.

Don haka kirana ga ɗalibai shi ne, duk ranar da ciwo ya hana ku lakca mako guda, ku je asibitin makaranta a buɗe muku kati, ku sanar da mai kula da ajinku a rubuce, ku riƙe kwafi. Tarin da ya kai mako biyu a je a yi gwajin majina, kada a tsaya kemis. Iyaye kuma, idan kun ɗauko ɗanku ko 'yarku zuwa gida jinya, ku aika wa makaranta takarda a makon nan, ko da maganin gida za ku yi. Mu malamai, idan ɗalibin da muka saba gani ya ɓace, mu tambayi abokansa tun kafin jarrabawa. Wanda kuma sallama ta riga ta same shi a kan gadon jinya, kada kunya ta sa ya zauna a gida. Ya tattara takardun asibitinsa, ya yi lissafin makinsa, ya rubuta gaskiya da kwanakinta, ya miƙa kafin wa'adi ya cika. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa a gama karatu cikin nasara.